Farashin da Na Rubuta a Kan Abayar Kawu

A shekarata ta biyu a Alƙahira ina zaune a Abbasiyya, a hawa na huɗu na wani tsohon gini da matakalarsa ke ƙamshin soyayyar albasa tun da hantsi. Mu biyu ne a ɗakin, ni da wani ɗan Damagaram da ya girme ni da shekara shida. Shi mutum ne mai surutu da fara'a, ya san kowa a layinmu, daga mai burodi har mai guga. Kafin ya zo karatu ya yi shekaru yana bin 'yan kasuwa zuwa bakin iyaka, don haka ciniki a jininsa yake. Ni kuwa in ba aji ba, to ina kan tabarmata da littafi. Ustaz yake kirana, wani lokaci da girmamawa, yawanci da tsokana.

Mutumin da ya tsaya mini har na zo Masar shi ne kawuna, yayan mahaifiyata. Tela ne a Jos, yana da ɗan shago mai kekunan ɗinki biyu: wanda yake aiki da shi kullum, da wani tsoho baƙi da ya fara sana'a da shi, wanda a kansa yake koya wa duk mai son koyo. Shi ya biya mini kuɗin fasfo, shi ya ɗinka mini kaya kala huɗu na tafiya, ya kuma raka ni tasha bai ce komai ba sai, “Ka riƙe abin da ya kai ka.” Duk damina sanyin Jos yana kama masa ƙirji, ya yi ta tari har wata biyu, amma ba ya fasa fita masallaci da asuba da 'yar rigarsa ta yadi.

Da sanyin Alƙahira ya shigo na fara ganin dattawan Masar cikin abayarsu ta ulu, irin ta maza, mai kauri, wadda ake yafawa a kafaɗa ta sauka har idon sawu. Duk wanda na gani a cikinta sai Kawu ya faɗo mini a rai. Wata biyar na yi ina rage wani abu daga ɗan kuɗin tallafin karatu da ake ba mu, ina ajiyewa a cikin ƙamus, har na ga ya isa.

Ran wata Asabar muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa kasuwar Ataba. Abokin zamana ya ja ni ta cikin lunguna, tsakanin masu takalma da masu wayoyin lantarki, har wani shago da abayoyi ke rataye tun daga ƙasa har rufi. Na zaɓi wata mai ruwan ƙasa. Mai shagon ya shafa ta kamar yana shafa doki, ya ce gine dubu biyu da ɗari huɗu. Gine shi ne kuɗin Masar. Na fara mayar da ita.

“Ustaz, riƙe bakinka, ka kuma riƙe abayar,” in ji abokin zamana da Hausa. Ya juya ga mai shago da Larabcin Masar: “Ya hajji, mu ɗalibai ne, ba 'yan yawon buɗe ido ba. Dubi takalmin wannan bawan Allah, ka sake faɗin farashi.”

Sun fi rabin awa suna yi. Sau biyu muka fita, sau biyu aka kira mu. Aka kawo shayi. Daga ƙarshe aka tsaya a ɗari bakwai, mai shago yana rantsuwa ya faɗi, abokina yana rantsuwa an cuce mu. Da na biya sai na roƙi rasit. Mai shagon ya dube ni, ya dubi abokina.

“Haka yake,” in ji abokina. “Ko tikitin metro ba ya yarwa. Ma'alish, yi haƙuri, rubuta masa.”

Ya rubuta, ya buga hatimin shago, na ninke na sa a cikin littafin aljihuna.

A hanya na ƙara da gwangwanin halawa, alewar riɗi ta Masar, don iyalin Kawu su ɗanɗana. Na samo kwali a wurin mai kanti, na jera komai, ban liƙe ba, saboda an gaya mini a gidan waya sai sun ga abin da ke ciki kafin a rufe.

Ran Litinin na tafi babban gidan waya ni kaɗai, abokina yana da darasi. Gini ne tsoho mai dogon rufi, fankoki suna juyawa a sama ko da sanyi. Ma'aikaciyar da na samu wata dattijuwa ce mai tabarau a kan karan hanci. Ta ɗora kwalin a kan sikeli: kilo biyu da giram ɗari uku da hamsin.

“Ya ibni,” ta ce, wato ɗana, “in bai wuce kilo biyu ba, ƙaramin saƙo ne, kuɗinsa da sauƙi. In ya wuce ko da giram goma ne, ya shiga layin manyan kaya, farashinsa daban. Me ke cikin gwangwanin nan?”

“Halawa.”

“Za ka biya wa halawa kuɗin jirgi fiye da kuɗinta. Cire ta ka ci da shayi.”

Na cire. Sikeli ya sauka zuwa kilo ɗaya da giram ɗari takwas da hamsin. Ta duba takardar farashi, ta bi layin Nijeriya da yatsa har inda ya haɗu da nauyin, ta ce gine ɗari shida da ashirin. Kuɗin aikawa ya kusa kai kuɗin abayar. Na ƙirga mata, abin da ya rage mini bai fi na wake da burodi ba har ƙarshen wata.

Sannan ta turo mini wata 'yar takarda ta kwastan, wadda za a manna a jikin kwalin. Akwai wurin rubuta abin da ke ciki, da nauyinsa, da darajarsa, da wasu ƙananan akwatuna da za ka zaɓi ɗaya: kyauta ce, ko kayan sayarwa, ko takardu. Na rubuta abaya ɗaya ta ulu. Na rubuta nauyi. Na sa alama a kan kyauta. Da na zo wurin daraja sai birona ya tsaya.

A gidanmu ba a faɗin kuɗin kyauta. Mahaifiyata ko sabulu za ta ba wa maƙwabciya sai ta kankare farashin da farce. Ga shi yau ana so in rubuta kuɗin kyautata da manyan baƙi a goshin kwali, inda Kawu zai fara sa ido kafin ma ya ga abayar. Gine ɗari bakwai a lokacin dala arba'in da biyar ne. Na tuna kuɗin fasfo, na tuna kaya kala huɗu, na ga dala arba'in da biyar ta yi mini ƙanƙanta ƙwarai a gaban mutumin nan. Sai zuciyata ta ba ni fatawa: ai mai shago da bakinsa ya ce dubu biyu da ɗari huɗu, ba ni na ƙirƙira ba. Na lissafa a gefen littafina, ya kama kusan dala ɗari da hamsin. Na rubuta, na sa hannu a ƙarƙashin layin da ke cewa duk abin da na rubuta gaskiya ne.

Dattijuwar ta karanta, ta ɗago ido ta saman tabarau.

“Haka ka saye ta?”

Na gyaɗa kai.

“To. Da wannan za su yi maka lissafi a can fa.”

Ban tambaye ta lissafin me ba. A tunanina alamar da na sa a kan kyauta ta gama magana, don wa zai karɓi haraji a kan kyauta? Ta naɗe kwalin da salatif, ta manna takardar, ta ba ni rasit mai lambar bin sawu. Na fito ina jin kaina kamar wanda ya biya wa wani kujerar Makka. Da yamma muka cinye rabin halawar da shayi, ban gaya wa abokina abin da na rubuta ba.

Kwana ashirin da uku ina bin lambar nan a waya. Ta bar Alƙahira, ta isa Legas, ta yi shiru, sannan ta bayyana a Jos. Na zauna jiran kiran Kawu. Mako guda bai kira ba.

Wadda ta kira ita ce babbar 'yarsa, taubashiyata, malamar firamare, wadda tun muna yara ba ta taɓa barina na sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba. Ina fitowa daga darasin azahar wayar ta shigo.

“Alhajin Masar! Ashe arziki ka yi ba ka gaya mana ba? To sai ka aiko da sadakina, na fasa raina ka.”

“Wace irin magana ce wannan kuma?”

“Abayar dala ɗari da hamsin mana. Da zinariya aka saƙa ta?”

Na yi 'yar dariya, raina yana daɗi. Sai muryarta ta sauya.

“Kai, bar dariya. Baba ya je gidan waya tun ran Litinin. Sun ce sai ya biya kuɗin kwastan kusan naira dubu ashirin da biyar kafin su ba shi. Ya dawo bai gaya wa kowa ba, ni na ga takardar a aljihun rigarsa da zan yi wanki. Jiya na ji yana ciniki da wani a kan tsohon kekensa. Ran Juma'a bayan masallaci mutumin zai zo ya ɗauka.”

Na tsaya a bakin titi, motoci suna ta oda, sannan na zauna a kan dakalin wani shago. Na ce ta turo mini hoton takardar.

A ɗaki na baje ta a gaban abokin zamana. Ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa.

“Ustaz, ɗari da hamsin? Ni na yi rabin awa ina zubar da yawu na sauko da ita ɗari bakwai, kai ka je ka mayar da ita sama da biro ɗaya?”

“Na sa alamar kyauta.”

“Alamar kyauta tana gaya musu ba sayarwa za a yi ba. Ba ta hana su lissafi in kuɗin ya yi yawa. Kawo biro.”

Ya jawo littafina ya fara rubutu, yana bin layukan takardar ɗaya bayan ɗaya. Kwastan, in ji shi, ba darajar kaya kaɗai suke dubawa ba, suna haɗa ta da kuɗin da aka kashe wajen kawo kayan. Dala ɗari da hamsin da na rubuta, a haɗa da kusan dala arba'in na aikawa, ya zama ɗari da casa'in. Tufafin da aka riga aka ɗinka kashi ashirin cikin ɗari ake ɗora musu: dala talatin da takwas. Sai wasu ƙananan caji. Sai a tara duka, da darajar, da kuɗin aikawa, da harajin, a sake ɗora harajin kayan masarufi, kashi bakwai da rabi, a kan jimlar. Ya ja layi. Kusan dala sittin.

“Ka gani? Kawunka zai biya fiye da abin da ka sayi abayar. Kyauta ka aika masa ko tara?”

Na karɓi biron na sake lissafin da gaskiyar farashi. Arba'in da biyar da arba'in, tamanin da biyar. Kashi ashirin, sha bakwai. Da sauran duka bai kai dala talatin ba. Na yi sau uku, amsar ba ta canza ba.

“Ko in nemi aro in tura masa?” na ce. Tallafinmu saura mako uku, Juma'a kuwa saura kwana biyu.

“Wa za ka tambaya? Duk layin nan ƙarshen wata ne. Kuma Ustaz, kai da kake karanta babin ciniki, za ka ci bashi don ka biya wa ƙarya haraji? Ina rasit ɗin da muka yi ta yi maka dariya a kansa?”

Yana cikin littafin aljihuna. Na fito da shi. Ɗari bakwai, da rubutun mai shago, da hatimi, da kwanan wata.

“Khalas, magana ta ƙare. Ka tura wannan da na gidan waya, ka rubuta musu wasiƙa ka ce kai ka yi kuskure. Ba dole ne su yarda ba, amma kayan yana gabansu, za su duba su gani ko ya yi kama da kuɗin. Sai dai ka sani, ba ta yadda takardar nan za ta isa teburinsu ba ta bi ta hannun kawunka ba.”

Abin da nake gudu ke nan. Na gwammace in tsaya a gaban malamai goma a jarrabawar baka da in gaya wa Kawu da bakina cewa na ƙara wa kyautarsa kuɗi. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, na soke, na sake rubutawa. Washegari da safe, lokacin da na san ya buɗe shago, na fita baranda na kira shi. A ƙasa mai sayar da gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe.

“Salamu alaikum, Kawu. Barka da asuba. Ya jiki, ya tarin?”

“Alhamdu lillahi, ɗana. Ya karatu? Saƙonka ya iso, Allah ya yi albarka. Jibi zan karɓo.”

Ina jin ƙarar keke a bayansa. Na dubi takardata, rubutun ya ƙi karantuwa.

“Kawu, kuɗin da na rubuta a jikin kwalin… ba haka na saye ta ba.”

Keken ya tsaya.

“Na sani,” ya ce.

Na ninke takardar da ke hannuna.

“Sun buɗe a gabana, na taɓa ta. Ulu ne da gauraye, mai kyau, zai yi ɗumi. Shekara arba'in ina taɓa yadi, ɗana. Nawa ka saya?”

“Dala arba'in da biyar.”

“To ka yi ciniki. Ko an yi maka.”

“An yi mini. Amma Kawu, tunda ka sani, me ya sa ba ka gaya musu ba?”

“Jami'in ma ya tambaye ni. Ya juya ta, ya ce, ‘Baba, anya wannan ta kai haka?’ To me zan ce masa? Ga sa hannunka a jiki. In ce ɗana da na tura karatun addini ya rubuta abin da ba shi ba? Na ce masa yadda ya rubuta haka ne.”

Na riƙe ƙarfen barandar. Na so in ba shi haƙuri da kalmomin da na tsara, amma abin da ya fito kawai shi ne, “Kawu, kada ka sayar da keken.”

“Wa ya gaya maka? Wannan yarinya, bakinta kamar rariya.” Ya yi tari. “To ya kake so a yi?”

Na gaya masa. Na zauna na rubuta wasiƙar da Turanci, gajeriya: ni ne mai aikawa, darajar da na rubuta farashin farko ne da mai shago ya faɗa, ba abin da na biya ba, kuskuren nawa ne ba na mai karɓa ba, ga rasit. Na fassara rasit ɗin daga Larabci layi bayan layi, na rubuta canjin gine zuwa dala na ranar da na saya. Na ɗauki hoton komai na tura wa taubashiyata, ta buga a shagon kwamfuta kusa da makarantarsu.

Ran Juma'a da safe suka tafi tare. Ni ina zaman karatu a masallaci, ana karanta babin gado, ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Wajen sha ɗaya saƙon muryarta ya shigo, na fita waje na saurara.

“Alhajin Masar, an rage maka daraja, ka dawo talakanka. Jami'in ya karanta wasiƙarka har sau biyu, ya kira na kusa da shi ya nuna masa. Ya ce shekarunsa a aikin nan kullum masu rage kuɗi yake kamawa, yau ya ga mai ƙarawa. Sun sake duba abayar, sun yarda da rasit. Dubu sha ɗaya da 'yan kai muka biya, har da kuɗin ajiyar kwanakin da ta yi. Baba ya ba da shida, na cika sauran, kuma wallahi sai ka biya ni da turaren Masar. In za ka aiko ka rubuta gaskiya.”

Bayan an sauko daga Juma'a na tambaye ta keken. Ta ce mutumin ya zo bayan masallaci, Kawu ya ba shi haƙuri da goro, ya tafi yana ƙunƙuni.

Yanzu na ji an sassauta dokar, ƙananan saƙonni irin wannan suna wucewa ba a biya musu komai. Ni ma na daɗe da barin Abbasiyya, abokin zamana ya koma Damagaram, sai gaisuwar Sallah a waya. Amma ina yawan tuna yammacin Juma'ar nan. Bayan la'asar Kawu ya kira ni da kansa, abin da bai saba ba saboda tsadar kati. Na ɗauka faɗa zai yi mini, na tashi tsaye kafin in amsa.

“Ɗana, na sa ta. Ta yi mini tsawo da kamu ɗaya, kuma wanda ya yi kalmasar ƙasan sauri yake yi. Na farke zan sake.”

“To, Kawu.”

“Zare nake nema mai irin launinta, babu a nan. In ka shiga kasuwar nan taku ka duba mini. Ƙwarya biyu ta isa. Kada ka aiko ta gidan waya, ka jira mai zuwa gida.”